Idan rubutun Rashanci ya zama Ïðèâåò

Ɗalibin da ke karatu a Mosko ko Kazan ya san wannan takaicin. Malami ya turo tsohon fayil na darasi, ka buɗe, maimakon Привет, gaisuwar Rashawa, sai ka ga Ïðèâåò. Wasu kan share fayil ɗin suna zaton ya lalace. Galibi lafiyarsa lau, kwamfutar ce ta karanta shi da jadawalin da ba nasa ba.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa, sannan ta duba wani jadawali ta ga harafin da lambar ke nufi. Tsofaffin jadawalan gurbi 256 kacal suke da shi. Rabin farko haruffan Turanci da alƙaluma sun cinye, rabin da ya rage kuma kowane yanki ya zuba nasa. Rashawa kaɗai sun yi amfani da jadawali fiye da uku: CP866 a zamanin DOS, KOI8-R a Unix da tsoffin saƙonnin imel, sai Windows-1251 na Microsoft. A wannan na ƙarshe, lamba 207 harafin П ce. A Windows-1252, jadawalin Yammacin Turai, 207 ɗin nan Ï ce. Daga nan Ïðèâåò ya fito: lambobi shida suna nan yadda aka ajiye su, fassararsu ce ta karkace.

Shirmen da kansa yakan tona asirin inda aka kauce. Idan ka ga wasula masu ɗige-ɗige da huluna a ka, kuma tsawon kalmomin bai canza ba, rubutun Windows-1251 ne aka karanta da jadawalin Turai. Idan kalma ta ninka tsawo, kana ta ganin Р da С bayan kowane harafi, kamar РџСЂРёРІРµС‚, to fayil ɗin UTF-8 ne, wanda ke ba kowane harafin Rashanci lamba biyu, aka karanta shi da Windows-1251. Ð da Ñ masu maimaituwa ciwo ɗaya ne, sai dai da jadawalin Turai aka karanta. Akwai kuma mai ban dariya, inda haruffan duk na Rashanci ne amma ƙaramin baƙi ya zo a gaba, manya suka biyo baya, irin рТЙЧЕФ. Wannan KOI8-R ne aka buɗe da Windows-1251. (Mu ma ba baƙi ba ne a nan. Duk wanda ya taɓa ganin ƙ ɗinmu ta koma Æ™ ya ɗanɗani irinsa.)

Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe, kuma kada ka danna Save muddin shirme kake gani. Buɗe kwafin da Notepad++, ka shiga Encoding, sai Character sets, sai Cyrillic, ka zaɓi Windows-1251. Idan Rashanci ya bayyana, ka koma Encoding ka danna Convert to UTF-8, sannan ka ajiye. Tsarin nan shi ne inda mutane ke tuntuɓe: suna fara juyawa zuwa UTF-8 tun rubutun bai gyaru ba, sai su mayar da shirmen ya zama na dindindin. Mai Linux ko Mac layi ɗaya ya ishe shi:

```
iconv -f WINDOWS-1251 -t UTF-8 tsoho.txt > sabo.txt
```

Idan bai yi ba, a sa KOI8-R ko CP866 a gurbin na farko. Sunan fayil na biyu dole ya bambanta da na farko, in ba haka ba za a wayi gari da fayil fanko.

To idan an riga an ajiye shirmen fa? Sau da yawa ana iya bin sawu a koma baya, a mayar da haruffan zuwa lambobinsu da jadawalin da ya ɓata su, sannan a sake karantawa da na daidai. A Python haka ake yi:

```
"Ïðèâåò".encode("cp1252").decode("cp1251")
```

Wannan zai dawo da Привет. Amma dabarar tana da iyaka. Windows-1252 yana da gurabe biyar da babu harafi a cikinsu, kuma lambobin с da я a UTF-8 suna faɗawa cikin biyu daga ciki. Shi ya sa wani lokaci rubutu zai gyaru amma waɗannan haruffa su ɓace, sai mai jin Rashanci ya cike su da hannu.

Inda babu magani shi ne rubutun da aka ajiye da ?????? ko alamar � a jere. A nan an riga an goge lambobin asali, an maye kowane harafi da alama guda, babu manhajar da za ta iya sanin abin da ke wurin a da. Kada ka ɓata dare a kansa. Koma wurin wanda ya turo, ka roƙe shi ya sake aiko da fayil ɗin a UTF-8.