Me Ya Sa Kyanwa Ke Daddanna Cinyarka Da Dagi?

Duk mai kiwon kyanwa ya san wannan ɗabi'a. Za ta hau cinyarka ko bargo mai laushi, ta lumshe ido, ta riƙa danna dagin dama, ta ɗaga, ta danna na hagu, kamar mai cuɗa kwaɓin fulawa. Wani lokaci har da miyau yana ɗiga, ga kuma wannan ƙugi mai taushi da ke fitowa daga maƙogwaronta. Wasu na ɗauka wasa take yi, wasu kuma su zaci shirin yakushi ne. Amma asalin abin yana can tun kwanakinta na farko a duniya.

Ɗan kyanwa ana haifarsa ido a rufe, kunne a toshe, kuma sai bayan kamar kwana 7 zuwa 10 idanunsa ke buɗewa. A wannan lokaci, da ɗumi da ƙanshi yake laluben nonon uwarsa. Da ya kama, sai ya kafa ƙafafunsa na gaba a gefen nonon yana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Tsotson da dannawar su ke sa jikin uwar ya saki wani sinadari mai suna oksitosin, wanda ke matse hanyoyin nono har ruwan ya sauko. Don haka tun yana jinjiri, wannan motsi ya haɗu a ƙwaƙwalwarsa da ƙoshi da ɗumi da kwanciyar hankali.

Uwa kan yaye 'ya'yanta wajen mako 8, amma ɗabi'ar ba ta tafiya tare da nonon. Kyanwar gida tana girma ne a hannun mutum mai ciyar da ita kullum, don haka takan riƙe wasu halayen ƙuruciya har tsufa. Duk lokacin da ta sami wuri mai laushi da ɗumi, kuma ba ta jin tsoron kowa, sai tsohon motsin ya dawo da kansa. Idan a cinyarka take yi, ma'anarsa ta saki jiki da kai. Ana yawan cewa wadda aka raba da uwarta da wuri ce kaɗai ke yin haka, amma ba gaskiya ba ne: har waɗanda suka sha nono suka ƙoshi suna yi.

Akwai kuma batun ƙanshi. Tsakanin yatsun kyanwa akwai wasu ƙananan wurare da ke fitar da wani wari wanda hancin ɗan Adam ba ya kamawa, amma sauran kyanwoyi suna ji sarai. Duk inda ta danna, ta bar alamar cewa wurin nata ne. Shi ya sa takan zaɓi matashin kai guda ko zane guda ta riƙa komawa kansa.

To, ina maganar farata? Idan ta buɗe yatsu don dannawa, faratan da ke ɓoye sukan leƙo, ba da niyyar cutarwa ba. Ɗauki misalin yarinyar da kyanwar gidansu ke hawa cinyarta duk dare tana huda mata zane. Idan ta make ta ko ta daka mata tsawa, kyanwar ba za ta gane laifinta ba, sai dai ta fara gudunta. Abin yi shi ne ta ninka tawul mai kauri ta shimfiɗa a cinya kafin kyanwar ta hau. Sannan babba a gidan ya riƙa rage tsinin faratan duk bayan mako 2 ko 3. Ana matsa yatsan a hankali har farcen ya fito, a yanke farin bakin kawai. Kada a kai ga wurin da ya yi ja-ja a ciki, domin can akwai jini da jijiya.

Wani motsin kuma yana kama da wannan amma daban yake. Macen da ba a yi mata aikin hana haihuwa ba, idan lokacin neman muzuru ya zo, takan kwantar da ƙirji ƙasa, ta ɗaga gindi, ta kauda wutsiya gefe, tana tattaka ƙasa da ƙafafun baya tana kuka mai ƙarfi. Bambancin a bayyane yake: na jin daɗi da ƙafafun gaba ake yi cikin natsuwa.

Inda ya kamata a sa ido shi ne idan dannawar ta haɗu da tsotsa da tauna tufafi, musamman na ulu. Kyanwoyin jinsin Siyam sun fi shahara da wannan. Zaren da aka haɗiye na iya toshe hanji, kuma alamunsa su ne amai, ƙin cin abinci, da kasala. In aka ga zare ya leƙo ta baki ko ta dubura, kada a ja shi, domin yana iya yanka hanjin. A garzaya da ita wurin likitan dabbobi a ranar.