Babi na Uku: Su Wa Ka Tambaya, Yaya Ka Zaɓe Su?

A yawancin jami'o'in Najeriya kundin kammala digirin farko babi biyar ne, kuma a na uku ɗalibi yake bayyana yadda ya gudanar da bincikensa. Ranar kare kundi, nan malamai suka fi tsayawa. Abin da suke nema shi ne, in wani ya ɗauki babin ya bi shi daki-daki, ya iya maimaita aikin ba tare da ya nemi mai shi ba.

A ce ɗaliba tana binciken yadda wayar hannu ke shafar karatu a wata sakandare mai yara 1,200. Ba za ta iya tambayar kowa ba, sai ta ɗebi wasu su wakilci saura. To, nawa za ta ɗiba? An fi amfani da lissafin Taro Yamane na 1967:

n = N / (1 + N × e²)

A nan N shi ne yawan yaran, e kuma kuskuren da aka yarda da shi, galibi 0.05. In an ninka 0.05 da kansa za a sami 0.0025, a ninka da 1,200 ya ba da 3, a ƙara 1 ya zama 4. Sai a raba 1,200 gida huɗu, a sami yara 300. Ta rubuta lissafin nan a fili, ta kuma faɗi inda ta samo 1,200 ɗin, wato rajistar makarantar ta zango kaza.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne wajen zaɓen yaran. Sai ɗaliba ta rubuta cewa kowane yaro ya sami dama daidai da ta ɗan'uwansa, alhali a bakin ƙofa ta tsaya lokacin tara, tana miƙa takardar tambayoyi ga duk wanda ya gifta. Masu surutu da rashin kunya su suka karɓa, masu noƙewa da waɗanda suka zauna a aji ba a ji ta bakinsu ba. Malami kuwa tambaya ɗaya zai yi asiri ya tonu: "Ina jerin sunayen da kika zaɓa daga ciki?"

Gyaran ba wuya. Ta karɓi rajista, ta jefa ƙuri'a tsakanin 1 da 4. In 3 ta fito, sai ta ɗauki suna na 3, na 7, na 11, tana tafiya da huɗu-huɗu har ta cika 300.

In kuwa hukumar makaranta ta hana ta rajistar, ta rubuta gaskiya cewa waɗanda ta samu a sauƙaƙe ta tambaya. Wannan ma hanya ce sananniya, sai dai ba za ta ce sakamakon ya shafi makarantar duka ba. Haka in ta raba takarda 300 aka dawo da 270, ta rubuta 270, ta yi lissafinta a kansu. Don Allah kada ta zauna a ɗaki ta cike sauran 30 ɗin da hannunta.