Adadin ya sauka, amma ƙodar tana nan yadda take

Duk takardar gwajin jini tana ɗauke da adadi iri biyu. Akwai sakamakon mutum, sannan a gefensa akwai wasu lambobi biyu da ke nuna daga ina zuwa ina ake samun masu lafiya. Mutane da yawa suna zaton waɗannan iyakoki ba sa canjawa, alhali suna bin na'urar da ta yi awon ne. Shi ya sa idan ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ya sauya na'ura, shugabansa yake rubuta wa likitoci wasiƙa tun kafin sakamakon farko ya fita.

Mu ɗauki kiriyatinin, dattin da tsoka ke fitarwa, ƙoda kuma ta tace shi. Idan ƙoda ta yi rauni sai ya taru a jini. Tsohuwar hanyar auna shi ta samo asali daga aikin Max Jaffe na shekarar 1886: ana haɗa ruwan jini da wani sinadari, launi ya juya ja-ja, na'ura ta auna kaurin launin. Matsalar ita ce sukari, furotin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta su ma suna ƙara launin, sai adadi ya haura gaskiya. Sabuwar hanya tana amfani da inzayim da ke kama kiriyatinin kusan shi kaɗai, don haka sau da yawa adadinta yakan yi ƙasa da na tsohuwar hanyar da ba a yi wa gyara ba.

Kafin a rubuta wasiƙar akwai aiki. Ma'aikata sukan ɗauki jinin marasa lafiya aƙalla 40, masu adadi ƙasa da masu adadi sama, su auna kowanne a na'urorin biyu don su ga girman tazarar. Iyakokin kuwa, wanda zai kafa su daga tushe yana buƙatar masu lafiya aƙalla 120, ya ɗauki kashi 95 cikin 100 na tsakiya. Wannan aiki ne mai tsada, saboda haka yawanci ana karɓar iyakokin kamfanin da ya ƙera na'urar, a jarraba su a kan masu lafiya 20 na garin. Idan waɗanda suka fita daga iyaka ba su wuce biyu ba, an karɓa. A ganina wannan mataki bai kamata a tsallake shi ba, domin kiriyatinin yana bin yawan tsoka, kuma ba lallai mutanen da kamfani ya auna su yi kama da mutanenmu ba.

Ga misali. Mu ƙaddara wani magidanci mai ciwon sukari, wanda sakamakonsa ya daɗe a 125 µmol/L, a lokacin da iyakar sama take 120. An sauya na'ura, iyakar maza ta koma 104, sakamakonsa ya fito 108. Shi zai yi murna cewa ƙodarsa ta samu sauƙi. Likitan da bai karanta wasiƙar ba, wanda 120 ta zauna masa a kai shekara da shekaru, zai ga 108 ya ce lafiya lau. Dukkansu sun yi kuskure: da can ya ɗara iyaka kaɗan, yanzu ma ya ɗara kaɗan. Haɗarin shi ne a sassauta sa ido, ko a ƙara masa maganin da ƙoda ke fitarwa, irin su metfomin, bisa sauƙin da bai samu ba.

Wasiƙa mai kyau gajeriya ce, amma takan faɗi ranar da sauyin zai fara, gwajin da ya shafa, tsohuwar iyaka da sabuwa ga maza da mata, da kuma inda adadi zai karkata. Mafi amfani a cikinta shi ne gargaɗin kada a kwatanta sakamakon kafin ranar da na bayanta kai tsaye. Ga mai ciwon ƙoda da ake bibiya, sakamakon farko a sabuwar na'ura shi ne sabon mafarin kwatance. Idan ma'aunin rubutu ma ya canja, dole a bayyana: 1.2 mg/dL daidai yake da kusan 106 µmol/L, domin ana ninka shi ne da 88.4.

Likita mai lura zai iya gane sauyin na'ura ko da wasiƙar ta ɓace masa. Marasa lafiya da yawa za su sauka tare, a mako ɗaya, alhali yuriya, wadda ita ma ake duba ƙoda da ita, ba ta motsa ba. Mai jinya kuma ya riƙa duba iyakar da aka buga a kan takardar da ke hannunsa, kuma idan ya kawo sakamako daga wani ɗakin gwaji dabam, ya gaya wa likita inda aka yi shi.