Yadda Ake Amsa Tambayar Tsarin Zaɓe a Jarrabawa

Ɗalibi mai basira yakan fara da ma'ana, sannan ya kawo lissafi. A tsarin mafi rinjaye, wanda Najeriya ke zaɓen 'yan majalisa da shi, ɗan takarar da ya samu ƙuri'a 40 cikin 100 ya lashe kujerar mazaɓarsa, muddin abokan karawarsa sun tsaya a 35 da 25.

A tsarin rabon kujeru gwargwadon ƙuri'u kuwa, irin na Afirka ta Kudu, jam'iyyun uku za su raba kujeru 20 kamar haka: 8, 7 da 5.

Kuskuren da ke cinye maki shi ne cewa tsarin farko na buƙatar fiye da rabin ƙuri'u. Ratar ƙuri'a ɗaya ta wadatar.