Abokin ɗakinka bai biya kasonsa na haya ba? Ga yadda ake rubuta masa saƙo

Ɗalibin da ya gama sakandare a Wanke, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko wata babbar makaranta, ba lalle ne ya samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Da yawa sukan haɗu su biyu ko su uku, su kama ɗaki a cikin gari, su raba kuɗin haya. Shekarar farko ba ta cika kawo matsala ba, domin sai an biya ake karɓar makulli. Rigimar tana zuwa ne lokacin sabunta haya, ranar da mutum biyu suka kawo nasu, na ukun kuma ya yi shiru.

Ƙannena da ke aji biyar da aji shida, wannan rana tana iya zuwa muku. Abin da ya kamata ku sani tun yanzu shi ne, saƙon da ake tura wa wanda bai biya ba yana da aiki guda ɗaya: ya sa kuɗi su isa hannun mai gida kafin wa'adi ya cika. Huce haushi ba ya cikin aikinsa.

Mai gida ɗaki ya sani, bai san kaso ba

Mu ɗauki misali. Ɗalibai uku sun kama ɗaki a Gusau kan naira 90,000 a shekara, kowa zai ba da 30,000. Sabuwar shekarar haya ta fara ranar 1 ga Nuwamba. Biyu sun biya nasu cif, na ukun ya kawo 10,000 ya ce sauran na tafe. An kai wa mai gida 70,000, ya karɓa, ya ce yana jiran cikon 20,000 zuwa ranar 30 ga wata. Yau 16 ga wata, kuma babu labari.

A wurin mai gida, ɗakin ne ake bi bashin 20,000. Yadda kuka raba kuɗin tsakaninku bai shafe shi ba, musamman idan sunan mutum ɗaya ne a kan rasit. In wa'adi ya wuce, wanda sunansa ke kan takarda shi za a nema, ko da shi ne ya fara biya. Shi ya sa yin shiru saboda kunya ba alheri ba ne ga kowa. Ka yi magana tun da sauran mako biyu, lokacin da abokinka zai iya yin wani abu. Saƙon da aka tura ana gobe wa'adi ba abin da zai haifar sai tashin hankali.

Kafin ka taɓa waya

Fara da duba lissafi. Nawa ya bayar, yaushe, ta hannun wa? Idan ta banki ya turo, nemo shaidar. Idan hannu da hannu ne, tambayi ɗaya abokin zaman ko ya shaida. Kuskuren naira dubu ɗaya a cikin saƙonka ya isa ya mai da zancen gardama kan lissafi, a manta da batun biya. Kada kuma ka haɗa kuɗin haya da na wuta, ko na ruwan da ake saye wurin 'yan garuwa, ko taliyar da ya ci maka. Kowane bashi da ranarsa.

Sannan ka yi tunanin inda kuɗinsa ke fitowa. Ɗalibin da mahaifinsa manomi ne a Wanke ko ƙauyukan Bunguɗu, aljihunsa yana bin kaka ne. Sai an girbe, an sussuke, an kai kasuwa, sannan kuɗi su zo, kuma dawa da waken suya ba sa shiga hannu sai wajen ƙarshen shekara. Matsalar tsaro ma takan hana zuwa gona ko kai kaya kasuwa. Mutanen Zamfara ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aika kuɗi da jin labarin gida suka gagara. Wani kuma albashin yayansa yake jira, wani yana jiran naira 20,000 ta ciyarwa da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ke bayarwa a wata. Sanin wannan ba ya yafe bashin. Amfaninsa shi ne ka sa ranar da za a iya cikawa.

Saƙon farko

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa a misalinmu:

"Assalamu alaikum mutumina, ya karatu, ya mutanen gida? Batun kuɗin ɗaki ne. Kasonka 30,000, ka ba da 10,000 ranar 1 ga wata, saura 20,000. Baba mai gida ya ce yana son cikon zuwa 30 ga Nuwamba, don haka muna so mu haɗa zuwa 27. In za ka iya kawowa duka, madalla. In ba hali, ka kawo 10,000, mu biyun mu ranta maka dubu biyar-biyar, ka mayar mana zuwa 20 ga Disamba. In hakan ma zai yi wuya, ka faɗa mini kafin ranar 20 ga wannan watan mu je wurin Baba tare mu roƙi ƙarin lokaci. Wanne ya fi maka sauƙi? Allah Ya rufa mana asiri."

Duba abin da ke ciki. Akwai sallama da gaisuwa, domin Bahaushe ba ya faɗa wa mutum da zancen kuɗi kai tsaye, amma gaisuwar layi ɗaya ce. Akwai adadi a rubuce da lambobi, har da abin da ya riga ya biya, don ya ga ba a manta da ƙoƙarinsa ba. Akwai rana takamaimai. "Da wuri" ko "in ka samu hali" ba rana ba ce, kowa da yadda zai fassara ta. An kuma bar kwana uku tsakanin 27 da 30, saboda kuɗin da aka turo ta banki kan maƙale, ko a je shagon cirar kuɗi a tarar babu sabis.

Sai kuma zaɓi uku da tambaya a ƙarshe. Wanda aka ce wa "yaushe za ka biya?" alhali ba shi da ko sisi, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ƙi amsawa. Wanda aka ce wa "wanne ya fi maka sauƙi?" yana da abin faɗa ba tare da ya zubar da mutuncinsa ba. Sai dai kada ka yi tayin rance sai ka tabbata kana da kuɗin, kuma ɗaya abokin ya amince tun kafin ka rubuta.

Idan ya girme ka, ce masa Yaya ko Malam kamar yadda ka saba kiransa. 'Yan mata da ke zama tare za su ce "ƙawata" ko "'yar'uwa". Lambobi da ranaku dai ba sa canzawa.

Abin da ba ya shiga saƙo

Kalmomi irin su "kullum haka kake" da "ka mai da mu wawaye" hukunci ne a kan halinsa, kuma duk wanda aka yanke wa hukunci kare kansa zai yi, ba biya ba. Haka nan zancen sabon takalmin da ka gan shi da shi. Kada ka yi barazanar fitar masa da kaya ko canza kwaɗo, domin ba kai ne mai gidan ba, kuma in wani abu nasa ya ɓace kai za a tuhuma.

Tura masa shi kaɗai. Sa maganar a zauren WhatsApp na 'yan aji, ko yin habaici inda kowa zai gani, tozarci ne, kuma mutumin da aka tozarta yakan ga ba shi da sauran abin asara. Rubutu ya fi saƙon murya, domin murya tana ɗaukar fushi, kuma ba a iya komawa a duba adadi cikin sauƙi. Magana zarar bunu ce. Ka rubuta, ka ajiye wayar, ka sake karantawa bayan sallah, sannan ka tura.

Yadda ake gane amsa

Amsa mai kyau tana da adadi da rana: "Zan kawo 10,000 ranar Juma'a in an sayar da wake." Ko da bai kai yadda kake so ba, wannan mutum yana tare da kai. Ka mayar masa da abin da kuka tsayar a rubuce, ya ce ya amince. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, aya ta 280 kuma ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Duka biyun suna aiki a ɗakin haya.

Amsa mai rauni ita ce "kada ka damu" ko "ana nan ana ƙoƙari". Sai ka ce: "Na gode. Nawa za mu sa rai, kuma wace rana, don in san abin da zan gaya wa Baba?" In kwana biyu suka wuce shiru, ka kira shi, domin in ya tafi gida ƙauye mai yiwuwa saƙon bai ma shiga ba. In ka tabbata ya gani ya share, sai saƙo na biyu: "Ban ji daga gare ka ba. Ranar 21 za mu je mu shaida wa Baba cewa mun biya 60,000, ka biya 10,000. Mun fi so mu je tare da kai." Wannan ba barazana ba ce, sanarwa ce ta abin da za ku yi, don haka ranar 21 ku je.

In zama ya ƙare

Wani lokaci gaskiyar ita ce ba zai iya ba. A nan ma lissafi ne ke raba gardama. Kaso 30,000 a shekara yana nufin 2,500 a wata. In ya tashi a ƙarshen Nuwamba, wata ɗaya ya zauna, saboda haka yana bin 7,500 daga 10,000 ɗin da ya bayar. Wanda zai maye gurbinsa zai biya na wata 11, wato 27,500. A cire 20,000 a cika wa mai gida, a mayar wa mai tashi 7,500. Babu wanda aka cuta. Amma a nemi izinin mai gida kafin a shigo da sabon mutum, a kuma sa sunansa a rasit.

In aka kasa daidaitawa, a nemi babba da kowa ke jin nauyinsa, kamar wani yaya ɗan garinku da ke gaba da ku a makaranta, ko limamin unguwa. Kai ƙara wurin iyayensa shi ne mataki na ƙarshe, kuma sai an gaya masa tukuna. Ku da kuka fito gari ɗaya za ku ci gaba da haɗuwa a kasuwa da wurin biki shekaru da yawa bayan an manta da ɗakin.

Ranar da za ku kama ɗaki kuwa, ku sayi littafi mai ganye ashirin. A shafin farko ku rubuta kuɗin haya, kason kowa, ranar sabuntawa, da abin da za a yi in wani ya makara ko ya tashi. Kowa ya sa hannu, kowa ya ɗauki hoton shafin a wayarsa.