Kafin Ka Zargi Netwok, Duba Inda Ka Ajiye Kyamara da Fitila

Duk wanda ya saba shiga taro ta Zoom ko Google Meet ya san irin fuskokin da ake gani: wani haɓarsa ta cika allo, ana hango ƙofofin hancinsa da fankar sama tana juyawa, wani kuma sai baƙar inuwa a gaban taga. Ka yi magana, sai ya ce ai netwok ne, ko kuma kyamarar kwamfutarsa ce ta tsufa. Sau da yawa ba haka ba ne. Kyamarar ce aka ajiye ƙasa da ido, hasken kuma yana fitowa daga inda bai kamata ba.

Mu ɗauki misalin wata malamar makaranta da za a yi wa intabiyu ta bidiyo da ƙarfe takwas na dare. Tana da laftof mai allon inci 14, tana sa gilashi, ta kuma sayo fitilar zobe, wato rin layit, mai faɗin inci 10, irin wadda ake jonawa da USB. Abin da za ta fara ɗauka shi ne tef ɗin tela. Ta zauna a kujerar da za ta yi hirar a kai, zama irin nata na kullum ba tare da miƙe wuya ba, a auna mata daga ƙasa zuwa idonta. A ce an samu santimita 118. Teburinta santimita 75 ne, ɗan ramin kyamarar da ke saman allon kuma ya ɗara teburin da kamar santimita 22. Ke nan kyamarar tana kan 97, ta gaza idonta da santimita 21. Wannan giɓin shi ne ke jawo kallon hanci, kuma maganinsa littattafai ne masu kauri ko kwali mai ƙarfi wanda tudunsa ya kai hakan, a ɗora laftof ɗin a kai.

Bayan an ɗaga, sai a miƙar da allon ya tsaya kusan cak. Mutane kan tura shi baya don fuskarsu ta shigo, alhali hakan ne ke sa kyamara kallon silin. Alamar an daidaita ba ta da wuya: idan kana ganin silin a hotonka, kyamarar ta yi ƙasa, idan tsakar kanka da tabarmar ɗaki ake gani, ta yi sama. Idanu su zauna wajen kashi ɗaya cikin uku daga saman hoton, kafaɗu su fito, ɗaurin kallabi ko hula kada ya yanke. Tazara kuwa tsawon hannu, santimita 60 zuwa 70. Gilashin waɗannan ƙananan kyamarori mai faɗin ɗauka ne, abin da ya fi kusa da shi yakan kumbura. In ka matso da yawa hanci ya girma, kunnuwa su ja baya.

Sai fitila. An yi ta da rami a tsakiya ne domin kyamara ta zauna a ciki, haske ya zo daga inda ake kallo, ya cike inuwar ƙarƙashin ido da ta haɓa. Mai amfani da waya ya huta: ya maƙala ta a tsakiyar zoben, ya ja sandar zuwa tsayin idonsa. Laftof kuwa ba ya shiga zobe, don haka malamar za ta kafa sandar a bayan allon, gefen zoben na ƙasa ya leƙo dab da saman kyamarar, ta ɗan sunkuyar da shi yana kallon fuskarta. Kada ta ajiye shi a kan tebur yana haska ta daga ƙasa. Haske daga ƙasa yakan juya inuwar fuska zuwa sama, ta fito kamar mai ba yara tsoro da tocila.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙure hasken. Fitilar ta zo da maɓallin ƙari da ragi, sai a kai shi ƙarshe, goshi da kan hanci su yi ta ƙyalli, idanu su ƙanƙance. A fara daga ƙasa ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, ana kallon hoton, a tsaya da zarar farin ido da launin fata sun fito sosai. Tazara ma tana aiki fiye da yadda ake zato, domin in ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken da ke isa fuska yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa ƙaramin zobe da aka jingine can jikin bango bai tsinana komai. Mai inci 10 wurinsa tsakanin rabin mita zuwa mita ɗaya ne.

Akwai wani abu da ya fi shafar masu duhun fata. Kyamara ita ke zaɓar yawan hasken da za ta ɗauka, tana duba hoton gaba ɗaya. Idan ka sa farar shadda ko farin hijabi, ga farin bango ko taga a baya, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, fuskar ce kuma ke biyan bashin. Saboda haka malamar ta zaɓi mayafi mai launi, ta matso gaba daga bango kamar mita guda. Da rana ce, sai ta juya teburin ta fuskanci taga, wanda a ganina ya fi kowace fitilar kasuwa kyau. Yawancin zobban suna da launi uku: ja-ja mai kama da tsohon kwan lantarki, fari mai kama da hasken rana, da na tsakiya. A zaɓi wanda ya yi daidai da kwan ɗakin, in ba haka ba gefen fuska ɗaya ya yi rawaya, ɗayan ya yi shuɗi-shuɗi.

Gilashinta shi ne babban aiki. Zoben da ke saitin ido yakan bayyana a gilashi, fararen da'irori biyu su rufe ƙwayar ido. Haske yana dawowa daga gilashi ne da irin kusurwar da ya faɗa masa, don haka dabarar ita ce a kauce wa kusurwar da ke mayar da shi cikin kyamara. Kyamarar ta tsaya inda take. Fitilar ce za a ɗaga kamar taƙi ɗaya ko biyu sama da kai, a gusar da ita gefe kaɗan, ana kallo har da'irorin su fice daga gilashin. In sun ƙi, ta ɗan ɗaga ƙafafun gilashin daga kan kunnuwa, gabansa ya sunkuya. In duk ya faskara, ta juya fitilar ta haska farin bangon da ke gabanta, hasken ya dawo mata a tausashe. Farin shafin da ke buɗe a allo ma yakan fito a gilashi, sai a rage hasken allon.

Wani lokaci za a ga ratsi-ratsi suna gangarowa a hoto, ko hasken yana rawa. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wasu kyamarori kuma sun zo a saite kan 60 irin ta Amurka. In akwai zaɓin a saitin kyamarar, a mayar da shi 50 Hz. Wasu fitilu masu araha kan yi wannan rawar in an rage su sosai, sai a ƙara hasken, a ja su baya. A Zoom akwai zaɓin "Adjust for low light" a saitin bidiyo, yana taimakawa a duhu, amma yakan bar hoton da yashi-yashi.

Tunda ana iya ɗauke wuta a tsakiyar hira, gara ta jona fitilar da fawa banki tun farko, kada ta jona ta da laftof ɗin ta riƙa zuƙe masa batir. Ƙaramin zobe bai cika wuce wat 10 ba, kuma fawa banki mai 10,000 mAh da aka cika zai riƙe shi kusan awa uku. Ta gwada hotonta sau ɗaya da kwan ɗaki a kashe, ta ga yadda za ta fito in hakan ta faru. Idan ta zo amsa tambaya kuwa, ramin kyamarar za ta kalla, don wanda ke kallon fuskar mutum a allo, a wancan ɓangaren ana ganinsa ne kamar ya sunkuyar da ido.