Kunama a cikin gida: inda take ɓuya da abin yi idan ta yi harbi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta kankama, ɗaki ba ya kwantuwa a Kano, Sakkwato, Maraɗi ko Damagaram. Da an yi sallar isha'i sai a fito da tabarmi tsakar gida, yara su baje a ƙasa, manya su cire takalma su ajiye gefe. A daidai wannan lokacin ne ita ma kunama take fitowa neman abinci, domin da dare take kiwo. Shi ya sa harbinta yake yawaita a watannin zafi, kuma akasari da dare ko da sassafe, a tafin ƙafa ko a yatsun hannu.

Kunama ba ta farautar mutum. Abu uku ne ke kawo ta gida: inuwa, laima da abinci. Duk da cewa dabbar ƙasar zafi ce, ba ta jure ƙunar rana, don haka takan wuni a maƙale a wuri mai duhu da sanyi. Gindin randa ya haɗa mata komai, ga damshin ƙasa, ga duhu, ga kyankyasai da gyare da ke zuwa neman ruwa. Haka ƙarƙashin turmi, bayan buhunan hatsi, tarin itace ko kara, bulon da aka jibge ana jiran gini, da bangon makewayi. Jikinta a baje yake, tsagar bangon da ba ta kai kaurin yatsa ba ta ishe ta shiga. Tana hawa bangon ƙasa da na bulo da ba a shafe ba, ta kai rufi, wani lokaci daga can take faɗowa kan shimfiɗa. Idan gari ya waye mata a fili, sai ta faɗa abin da ya fi kusa: takalmi sau-ciki, rigar da aka yar a ƙasa, ko tabarmar da aka naɗe aka jingine.

Ruwan farko ma yana koro ta daga rami. A watan Nuwamba na 2021, bayan mamakon ruwa a Aswan ta ƙasar Masar, kunamu sun kwararo cikin gidaje, mutum sama da 500 suka sha harbi cikin 'yan kwanaki.

Nau'in kunama a duniya ya haura 2,000, amma waɗanda dafinsu ke iya kashe mutum ba su wuce kamar 30 ba. An ƙiyasta cewa ana harbin mutum fiye da miliyan ɗaya a shekara, sama da 3,000 kuma suna rasuwa, galibinsu yara. A nan akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi. Duwu, baƙin nan mai manyan hannuwa, shi ya fi ban tsoro a ido, alhali dafinsa bai cika wuce zugi da kumburi ba. Wadda ta fi haɗari ita ce mai ruwan ɗorawa, mai siraran hannuwa, irin wadda ake samu a yankunan hamada kamar Agadas da arewacin Sudan, inda mutuwar yara sanadin kunama sanannen abu ne. Sai dai da dare, a cikin firgici, ba kowa ke iya tantance wadda ta yi harbin ba. Abin dubawa shi ne wanda aka harba da yadda jikinsa yake sauyawa.

Ga babban mutum mai lafiya, harbin yakan tsaya ga zugi mai tsanani, kamar an ɗora garwashi, sai wurin ya yi dindiris, zafin ya riƙa hawa sama. Yakan lafa cikin sa'o'i, wani lokaci ya kai yini guda. Yaro kuwa jikinsa ƙarami ne, dafin da babba zai shanye yana iya taɓa masa zuciya da huhu.

A ɗauka yarinya 'yar shekara uku ce ta tsala ihu da ƙarfe goma na dare, aka haska aka ga kunama gefen tabarma. Abu na farko, a ɗauke ta daga wurin, a duba agogo a riƙe lokacin, domin ma'aikacin asibiti zai tambaya. A wanke wurin da ruwa da sabulu. A cire mata awarwaro ko zobe idan a hannu ne, kafin kumburi ya matse su. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti goma, a ɗaga na minti goma, a sake. In babu ƙanƙara, tsumman da aka jiƙa da ruwan randa ya wadatar. Ana iya ba ta farasitamol na yara daidai da shekarunta. Duk wannan ana yin sa ne ana shirin tafiya, domin yarinya mai waɗannan shekaru asibiti ake kai ta ko da ta yi shiru. Alamun haɗari sukan bayyana cikin mintuna zuwa 'yan sa'o'i: gumi sharkaf, dalalar miyau, amai, rawar jiki, jujjuyawar idanu, sanyin hannu da ƙafa, numfashi sama-sama. A yaro namiji gabansa yakan miƙe ya ƙi kwanciya. Duk wanda ya nuna ɗaya daga cikinsu, yaro ne ko babba, ba a jira gari ya waye. Tsoho, mai ciki da mai ciwon zuciya su ma a gaggauta kai su.

Abubuwan da aka saba yi a unguwa su ne suke ƙara ɓarna. Ɗaure ƙafa tamau da igiya ba ya tsare dafi, jini kawai yake hanawa gudu. Tsagawa da reza da tsotsa da baki ba sa fitar da komai, sai dai su bar rauni da ƙwayoyin cuta. Kananzir, fetur da ruwan batir suna ƙona fata. Mafi muni shi ne ɗura wa yaron da ke amai jiƙo ko madara, yana iya shaƙewa. A asibiti akan yi allurar kashe zafi a daidai wurin harbin, a sa ido kan bugun zuciya da numfashi, a ba da maganin dafin kunama idan ana da shi kuma an ga bukata. Maganin dafin maciji ba ya aiki a kan na kunama.

Rage haɗuwa da ita aikin hannu ne, ba na kuɗi mai yawa ba. A lilliƙe tsagun bango da laka ko siminti kafin bazara, a toshe ƙasan ƙofa. Itace da bulo a nisanta su da ɗakin kwana, a ɗora buhuna kan katako, a riƙa matsar da randa ana share gindinta. Gidan da aka rage kyankyasai an rage wa kunama dalilin zama. Feshin magani kaɗai bai cika kai mata ba tunda tana can cikin tsaga, fiya-fiya a rufaffen ɗaki kuma ya fi ta haɗari ga yara.

Mai kwana waje ya fi samun kariya a kan gado, nesa da bango, da gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. A kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwantar da yara, a zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, kada kuma a zura hannu cikin itace a duhu. Iyaye su tabbatar duk yaron da zai zaga da dare yana da takalmi a ƙafa da tocila a hannu.